Bulokin, Mute da Restrict: Wa Ke Ganin Me Bayan an Danna?

Duk wanda ya ɗan jima yana riƙe da babbar waya yana da wani mutum guda da ya dame shi a ciki. Wani surutunsa ne ya yi yawa, wani baƙar magana ce ba ta rabuwa da bakinsa, wani kuma bibiya yake yi har ta fara ba da tsoro. Wasu daga cikin manhajojin da muke amfani da su sun tanadi maɓallai uku don irin waɗannan mutane: Mute, Restrict da Block, wanda kowa ke cewa bulokin. Mutane da yawa suna ɗaukar su tamkar matakala ce, wato Mute ƙaramin hukunci, Restrict matsakaici, bulokin babba. Wannan fahimta ce ke jefa mutane cikin kuskure, domin ba ƙarfinsu ne kawai ya bambanta ba, wurin da kowanne yake aiki ma daban ne.

Mute kunnenka yake toshewa, ba ya taɓa ɗaya mutumin ko kaɗan. Restrict, a yadda Instagram ta tsara shi, bakin mutumin yake riƙewa a gaban jama'arka, amma ya bar masa ido yana kallonka. Bulokin ƙofa yake rufewa tsakaninku, kai ba ka isa gare shi, shi ma ba ya isa gare ka. Saboda haka kafin a danna komai akwai tambayoyi uku da suka kamata a amsa: me zan daina gani, me zai daina gani, me kuma sauran jama'a za su daina gani? Wanda ya amsa su daidai ba zai yi zaɓen tumun dare ba.

Zan bi al'amarin ta Instagram, domin a nan ne maɓallan uku suke zaune tare, kowanne da aikinsa a fili. Daga baya sai a duba inda Facebook da WhatsApp da X suka saɓa mata.

Mai turaren wuta da faccalarta

A ɗauka akwai wata mata a Kano da ke sayar da turaren wuta da humra ta Instagram. Shafinta a buɗe yake, kowa na iya gani, domin kasuwa ba ta son a kulle ta. Tana da faccala, matar wan mijinta, wadda ke bin shafin, ita ma tana bin nata. Duk lokacin da ta sa hoton sabon kaya, sai faccalar ta shigo ƙarƙashinsa ta rubuta abu kamar haka: "Hajiya, wannan ai irin na bara ne da ya yi warin hayaƙi, ko an canza?" Idan dare ya yi kuma ta aiko da saƙo ta akwatin sirri: "Na ga kina kan layi, kin ga saƙona kin yi shiru." Ban da wannan, faccalar tana zuba hotuna da gajerun bidiyoyi a nata shafin ba dare ba rana, har sun cika wa mai turare fuskar waya.

Matsalolin guda uku ne, ko da yake mutum ɗaya ce ta haddasa su. Akwai yawan abin da take wallafawa, akwai maganar da take yi a gaban masu saye, akwai kuma sa idon da take yi ta akwatin saƙo. A gefe guda kuma akwai abin da ba a so a taɓa: za su haɗu a suna, za su haɗu a biki, kuma uwar mijinsu ɗaya. Bari mu danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya mu ga abin da zai faru da kowace matsala.

Idan ta danna Mute

Instagram ta fito da Mute na wallafe-wallafe a watan Mayun 2018. Ana samunsa ta shiga shafin mutumin, a taɓa Following, sannan Mute, sai a zaɓi abin da ake so a daina gani: Posts, ko Stories, ko duka. Daga wannan lokaci hotunan faccalar ba za su ƙara fitowa a jerin abubuwan da mai turare ke gani ba. Idan ta yi marmarin ganinsu, sai ta shiga shafin faccalar da kanta, za ta tarar da komai yana nan.

A ɓangaren faccala kuwa babu abin da ya motsa. Ba a aika mata sanarwa ba. Idan ta duba jerin mabiyanta za ta ga sunan mai turare yana nan daram. Tana ganin duk hoton da aka sa, tana kallon duk Story, tana rubuta sharhinta, kuma duk mai saye da ya shigo zai karanta maganar warin hayaƙi. Saƙonta na dare ma zai shigo ya kaɗa waya kamar kullum, domin kashe ƙarar saƙo wani maɓalli ne daban da ke cikin hirar kanta. Ko an kashe ƙarar ma, ranar da mai turare ta buɗe saƙon faccalar za ta ga alamar Seen, muddin ba a kashe wannan alama a saiti ba.

Ke nan matsala ɗaya cikin uku Mute ya magance, kuma wadda ta fi sauƙi. Amfaninsa na gaske yana kan mutumin da ba ya cutar da kai, gajiyar da kai kawai yake yi: abokin makaranta da ya koma siyasa dare da rana, ko ɗan'uwan da ke tallar kaya sau goma a wuni. Ga mai ɓata suna kuwa, Mute bai rage komai ba. Wanda ya yi amfani da shi a kan irin wannan mutum ya sami hutun zuci, amma kasuwarsa na ci gaba da lalacewa.

Idan ta danna Restrict

Instagram ta fara gwada Restrict a watan Yulin 2019, ta buɗe shi ga kowa a watan Oktoban shekarar. Dalilin da kamfanin ya bayar shi ne matasan da ake cin zalinsu ba sa son yin bulokin ko kai ƙara, domin suna haɗuwa da mai cin zalin ido da ido, kuma bulokin na iya ƙara rura wutar. Wannan dalili ya dace da halin mai turare kamar don ita aka yi shi. Ana samun maɓallin ta ɗigo ukun da ke saman shafin mutum, ko kuma daga kan sharhin da ya rubuta.

Abu na farko da zai canza shi ne sharhi. Gobe idan mai turare ta sa hoton sabuwar humra, faccalar za ta rubuta baƙar maganarta, ta danna, ta ga ta fito a ƙarƙashin hoton kamar yadda ta saba. A wayarta komai daidai yake. Amma a wayar duk wani mai saye, wannan sharhi babu shi. Ita mai turare ba za a yi mata sanarwa ba. Idan ta buɗe sharhohin hoton za ta ga wurin a lulluɓe da rubutun See comment. Tana iya buɗewa ta karanta, daga nan zaɓi uku ne: ta amince da shi ta danna Approve kowa ya gani, ko ta goge, ko ta bar shi a haka har abada. Ranar da faccalar ta rubuta "Allah ya sa albarka", sai a amince da shi, jama'a su gani, zumunci ya ci gaba da tafiya.

Abu na biyu shi ne akwatin saƙo. Hirarsu za ta tashi daga jerin hirarraki ta koma cikin Requests, inda saƙonnin baƙi ke taruwa. Waya ba za ta kaɗa ba. Mai turare na iya karanta saƙon ba tare da alamar Seen ta fito a wayar faccalar ba, kuma koren ɗigon da ke nuna tana kan layi zai ɓace wa faccalar. Maganar "na ga kina kan layi" ta ƙare ke nan. Sai dai idan mai turare ta so ba da amsa, dole ta ɗage takunkumin tukuna, ba a amsa saƙo daga bayan labule.

To me ya rage wa faccalar? Idonta gaba ɗaya. Har yanzu mabiya ce. Tana ganin kowane hoto, kowane farashi, kowane Story, tana iya danna alamar so, tana iya ɗaukar hoton fuskar waya ta tura wa wanda ta ga dama. Sharhohin da ta rubuta a baya ma suna nan a fili sai an bi su an goge da hannu, domin Restrict kan sababbi kawai yake aiki. Haka kuma hotunanta za su ci gaba da cika wa mai turare fuskar waya, tunda Restrict bai ƙunshi Mute ba. Wanda ke son duka biyun sai ya danna duka biyun, kuma babu abin da ya hana haɗa su.

A nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Sunan maɓallin na sa a ji kamar an rage wa mutum abin da yake gani, alhali a Instagram ba a rage masa ko hoto ɗaya ba. Budurwar da ta yi wa tsohon saurayi Restrict tana zaton ta ɓoye masa inda take zuwa ta yi kuskure babba: duk abin da ta sa yana gabansa. Mai son ɓoye wa wani Story yana buƙatar wani maɓallin, wato Hide your story. Mai son ɓoye hotuna kuwa sai ya mayar da shafinsa Private, sannan ya cire mutumin daga mabiya ta Remove follower, wanda shi ma ba ya aika sanarwa.

Idan ta yi bulokin

Bulokin ne kaɗai yake taɓa ɓangarorin biyu a lokaci guda. Da zarar ta danna, bibiyar da ke tsakaninsu ta yanke ta kowace fuska. Faccalar ba za ta ƙara ganin hotuna ko Story ba. Idan ta nemi shafin, ko dai ba za ta same shi ba, ko ta tarar da shi fanko babu hoto ko ɗaya. Ba za ta iya ambaton sunan shafin ko maƙala shi a wani hoto ba. Duk sharhi da alamar so da ta taɓa yi a hotunan mai turare za su ɓace, kuma ba sa dawowa ko an cire bulokin daga baya. Tsohuwar hirarsu tana nan a akwatin saƙo, amma sabon saƙo ba ya wucewa, kuma wanda aka aiko lokacin bulokin ba zai iso ba ko bayan an shirya. Tun 2021 Instagram ta ƙara zaɓin toshe sababbin shafukan da mutumin zai iya buɗewa, a 2022 kuma ta faɗaɗa shi ya haɗa da wasu shafukan da yake da su tun da.

Duk matsalolin uku sun tafi a danna ɗaya. Amma akwai kafofi uku da bulokin ba ya toshewa, kuma ya kamata a san su.

Ta farko, shafin mai turare a buɗe yake. Asusun faccala aka toshe, ba idonta ba. Wayar 'yarta ko ta maƙwabciya ta ishe ta ganin komai. Ta biyu, gidan wani ba naka ba ne: idan mai turare ta yi sharhi a ƙarƙashin hoton wani buɗaɗɗen shafi, ko wani da faccalar ke bi, faccalar na iya ganin wannan sharhi. Ta uku, hirar taro. Idan suna cikin guruf ɗaya, Instagram za ta tambayi mai turare ko za ta zauna ko za ta fita, idan ta zauna kuwa za ta ci gaba da ganin saƙonnin faccalar a ciki.

Sai kuma farashin da ba a rubuta a jikin maɓallin ba. Gaskiya ne ba a aika sanarwa, amma bulokin ba ya ɓoyuwa ga wanda ya saba leƙo kullum. Kafin kwana biyu faccalar za ta nemi shafin ta rasa, ta karɓi wayar wani ta gan shi yana nan. Daga nan magana ta bar waya ta shiga gida, wataƙila har gaban uwar miji. Ko an sasanta an cire bulokin, bibiya ba ta dawowa da kanta, sai kowa ya sake danna Follow, kuma wannan kansa shaida ce ta abin da ya faru.

A halin da mai turare take ciki, amsar da ta fi dacewa ita ce haɗa Restrict da Mute, sannan ta bi tsofaffin sharhohin ta goge. Restrict ya tsare mata masu saye da akwatin saƙo, Mute ya share mata fuskar waya, bulokin kuma ya zauna a ajiye don ranar da baƙar magana ta koma barazana ko ƙazafi.

Suna ɗaya, aiki daban

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne waɗannan sunaye ba su da ma'ana ɗaya a kowace manhaja. Misalin da ya fi kowanne muhimmanci yana Facebook. A can akwai jeri mai suna Restricted, wanda ake sa aboki a ciki ta shafinsa, a taɓa Friends, sannan Edit Friend List. Aikinsa kusan kishiyar na Instagram ne. Wanda aka sa a ciki yana nan a matsayin aboki, amma daga ranar abin da aka wallafa wa kowa da kowa kawai zai gani, wato mai alamar Public, sai kuma wanda aka maƙala sunansa a ciki. Abin da aka keɓe wa Friends ba zai gan shi ba. A nan idonsa aka rage, ba bakinsa ba: duk abin da ya iya gani yana iya yin sharhi a kai idan an bar ƙofar sharhin a buɗe, kuma kowa zai karanta.

Wannan jeri yana da amfani ga wanda shugabansa na wurin aiki ko surukinsa ya aiko masa da neman abota, ba ya iya ƙi, ba ya kuma son a ga komai nasa. Amma yana da sharaɗi. Da yawa daga cikinmu duk abin da muke sawa a Facebook a buɗe muke barinsa, da ɗan hoton duniya a gefen kwanan wata. Mai irin wannan ɗabi'a ko ya sa mutum ɗari a Restricted bai ɓoye musu komai ba. Sai ya koma wallafawa da alamar Friends sannan jerin zai fara aiki.

Abin da ya yi kama da Mute a Facebook shi ne Unfollow, wanda ke cire wallafe-wallafen aboki daga gabanka ba tare da yanke abota ba, da kuma Snooze, wanda ke yin haka na kwana 30 sannan ya dawo da kansa. Bulokin a Facebook yana yanke abota, cire shi ba ya dawo da ita, kuma wanda ya cire bulokin sai ya jira awa 48 kafin ya iya sake yi wa mutumin. Wannan jira yana da haɗari ga mai cirewa don kawai ya leƙa shafin wanda ya toshe, domin ƙofarsa za ta zauna a buɗe kwana biyu cur.

A WhatsApp babu Restrict. Mute ɗinta ƙarar sanarwa kawai yake kashewa, na awa 8, ko mako ɗaya, ko kullum. Saƙo yana shigowa, mai aikowa yana ganin tik biyu, idan an buɗe kuma su yi shuɗi. A guruf ma, ko an kashe ƙara, idan aka ambaci sunanka ko aka amsa maganarka za a sanar da kai. Bulokin kuwa yana tsayar da saƙon mutum a tik ɗaya, kiransa ba ya shigowa, ba ya ganin sitatus ɗinka, ko lokacin da ka hau layi, ko canjin hotonka. Amma guruf ɗin dangi yana nan yadda yake: ku biyun kuna karanta saƙon juna a ciki kamar babu abin da ya faru. Kuma lambarka tana hannunsa, yana iya kiranka ta layin waya ko ya aiko da tes, sai ka toshe lambar a cikin wayar kanta. Mai son abin da ya yi kusa da rage ido ba tare da bulokin ba sai ya shiga Privacy ya zaɓi My contacts except… don sitatus da hoto da lokacin hawa layi.

A X, wadda aka sani da Twitter, ma'anar bulokin kanta aka canza. A watan Nuwamban 2024 kamfanin ya fara barin wanda aka yi wa bulokin ya riƙa ganin wallafe-wallafen da ke buɗe, sai dai ba ya iya amsawa, ko danna alamar so, ko sake yaɗawa, ko bi, ko aika saƙo. Twitter ta taɓa gwada makamancin haka a watan Disamban 2013, amma ta janye cikin awanni saboda ƙorafin jama'a. Kuma a X babu ɓoye-ɓoye: wanda aka toshe idan ya shiga shafinka rubutu zai gani ƙarara cewa an toshe shi. Wanda ya koyi bulokin a Instagram ya zo X yana zaton ya ɓace wa maƙiyinsa, to ya sani ana karanta shi, sai idan ya kulle shafin gaba ɗaya.

Bambancin Mute da bulokin har kotu ya taɓa zuwa. A watan Mayun 2018 wata alƙaliyar kotun tarayya a New York, Naomi Reice Buchwald, ta yanke cewa Shugaba Donald Trump ya saɓa wa tsarin mulkin Amurka da ya yi wa masu sukarsa bulokin a Twitter. Ta nuna cewa Mute zai ba shi damar ƙin sauraron su ba tare da hana su magana a gaban sauran jama'a ba. Kotun Ƙoli ta soke shari'ar a 2021 saboda a lokacin ya bar mulki, amma rarrabewar da aka yi tana nan da amfaninta: ƙin saurare haƙƙin mai kunne ne, hana wani magana a gaban jama'a kuwa wani al'amari ne daban.

Ta yaya wanda aka yi wa zai gane?

Mute kusan ba ya ganuwa. Abin da kawai mutum zai lura da shi shi ne wane ya daina kallon Story ɗinsa, ya daina danna masa alamar so, kuma wannan na iya zama rashin data ne ko yawan aiki. Restrict yana ganuwa ga mai bincike: ya yi sharhi, ya karɓi wayar wani ya duba, idan babu sharhin a can to ya gane. Haka idan saƙonninsa suka daɗe babu Seen alhali mai shafin na ta wallafa sababbin abubuwa. Don haka Restrict sutura ce mai kyau, amma ba sirrin da ba ya tonuwa ba ne, kuma mai amfani da shi ya kamata ya shirya amsar da zai bayar idan an tambaye shi.

Bulokin na WhatsApp ya fi jawo zargin banza. Tik ɗaya shi kaɗai ba hujja ba ce, domin wayar da ta mutu, ko wadda babu data, ko wadda aka sace, duk tik ɗaya suke nunawa. Rashin hoto da rashin lokacin hawa layi ma na iya zama saitin Privacy ne kawai. WhatsApp da kanta ta ce da gangan ta bar alamomin a dunƙule don kare sirrin mai yin bulokin. Sai alamomin sun taru, sun kuma daɗe, sannan zato ke yin ƙarfi. An sha ɓata zumunci a kan tik ɗaya alhali mai wayar yana ƙauye inda babu sabis.

Idan abin ya wuce baƙar magana

Duk abin da aka faɗa a sama game da lallaɓa zumunci yana da iyaka. Idan mutum ya fara barazana, ko neman kuɗi da hotunan wani, ko bibiyar yarinya ƙarama, lissafin ya canza, kuma tsarin da ake bi wajen danna maɓallan yana da muhimmanci. Mute a nan ganganci ne, domin yana hana ka jin gargaɗin da ya kamata ka ji. Bulokin cikin fushi ma yana da nasa lahanin: a Instagram yana share sharhohin mutumin daga hotunanka, wato ya share hujjar da za ka nuna wa iyaye ko hukuma. Don haka a fara da ɗaukar hoton fuskar waya, wanda ya nuna sunan shafin da maganar da kwanan wata. Sannan a danna Report. A WhatsApp wannan yana tura wa kamfanin saƙonni biyar na ƙarshe da mutumin ya aiko. Bayan haka sai bulokin, a kowace manhajar da yake iya samunka, har da layin waya, a kuma mayar da shafi Private idan ba na kasuwa ba ne.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, babu ɗaya daga cikin maɓallan nan da ke iko da abin da ka riga ka buɗe wa duniya. Suna tsara abin da ke tsakanin asusunka da asusun mutum ɗaya ne kawai. Wa zai ga hoton 'ya'yanka, wa zai san unguwarku, wa zai san ka yi tafiya gida babu kowa, duk wannan ana yanke shi ne a lokacin wallafawa, wurin zaɓen Public ko Friends, buɗaɗɗen shafi ko kullalle. Wanda ya gyara wannan tun farko zai ga bulokin ɗinsa yana aiki da gaske, kuma sau da yawa Mute ko Restrict ma sun ishe shi ba tare da ya yanke zumunci da kowa ba.